Kati, takarda ko fuskar kwamfuta: me mai rawar murya zai riƙe ranar kare bincike?

Ƙanwata ta shigo gida Aboabo a Kumasi da silaid 22, kowanne cike fal da rubutu, alhali minti 10 za a ba ta. "Yaya, ni dai karantawa zan yi," in ji ta. Mai magana a natse bai cika wuce kalma 130 a minti ba, wato kusan 1,300 ke nan duka. Sai muka rage silaid zuwa 10, sauran bayanin ya koma bayan fage. Saura inda za a ajiye shi.

Na farko shi ne Presenter View na PowerPoint. Ba ya cin ko sidi ɗaya: ke kina ganin bayananki da agogo da silaid na gaba, malamai na ganin silaid kaɗai. Danna Alt+F5 ki gwada a gida. Amma sai majigi na kan Extend yake aiki. In Windows+P ya nuna Duplicate, abin da kike gani shi kowa ke gani. Sau da yawa kuma a kwamfuta ɗaya ake tara aikin kowa, ga dumsor, wato ɗaukewar wuta, ba ya sallama. Ido ma yakan maƙale a gilashi.

Bugawa a takarda ta Notes Pages, wato silaid da bayaninsa a ƙasa, a shagunan Tech Junction ta fi aminci, silaid ɗaya shafi ɗaya. Aibinta, farar takarda mai faɗi tana tona asirin hannu mai rawa, har na bayan aji ya ji ƙararta. Waya kuwa ki bar ta a jaka: fuskarta na iya mutuwa, ko saƙo ya faɗo.

Mu kati muka zaɓa, kwali mai kauri daidai tafin hannu. Ƙanƙantarsa ce amfaninsa, don ba ya ɗaukar sakin layi, dole ki tace. A ce silaid na 6 jadawali ne: an tambayi 'yan kasuwar Kejetia 120, 90 suna karɓar kuɗi ta momo, wato ta waya. A saman katin ki rubuta jimlar buɗewa cikakkiya, domin a nan harshe ke sarƙewa: "Uku cikin huɗu sun ce suna karɓa." A ƙasa kalma uku kawai na tuni: shekaru, jari, caji. Sai jimlar da za ta tsallakar da ke zuwa silaid na 7, da "minti 6" a kusurwa. In agogo ya kai 7 kina nan, ki tsallake "caji".

Ki sa wa katunan lamba, ki huda kusurwa ki zura zare, kar su zube su cakuɗe. Ƙanwata ta gwada sau uku a tsakar gida, Inna na tsinke alayyafo tana saurare. Katin da ta tsaya karantawa ido a ƙasa, shi muka sake rage wa kalmomi.