Miksa biyu a Taminus: mai 90 dB ko mai 105 dB?

Masu ɗaukar wa'azi da waƙa a Jos kullum sai sun tambaye ni wacce miksa, wato na'urar haɗa sauti, za su saya a kasuwar Taminus. Lambobin nan 90 da 105 na SNR ne, wato tazarar da ke tsakanin sautin da kake so da shuuu ɗin na'urar, mai babbar lamba ta fi ƙarancin shuuu, kuma desibel, wato dB, ba lissafin tara-tara ba ne, duk ƙarin 6 dB ninki biyu ne na boltej, to tazarar 15 dB da ke tsakaninsu kusan ninki shida kenan. Amma fa ku duba takardar, in mai 105 an rubuta dBA, awon da ke rage gurnani mai kauri ne, lambar kan ɗan kumbura. Mai 90 ta fi araha, ta ishi lasifikar biki ko masallaci tunda hayaniyar jama'a da janareta za ta rufe shuuu ɗin. Mai sutudiyo da ke ɗaukar murya a ɗaki shiru, shi kam ya ƙara kuɗi ya ɗauki 105.