Loop ko TickTick: wacce ta fi dacewa da tsarin salla, motsa jiki da karatu?

"Assalamu alaikum. Ina so in tsara yinina a kan salloli biyar a jam'i, motsa jiki sau uku a mako, da karatun Alƙur'ani kullum. Wani ya ce in sauke Loop Habit Tracker, wani kuma ya ce TickTick ta fi. Wayata Tecno ce, datata ba ta da yawa, kuma ina da Muslim Pro a kanta. Wacce zan riƙe?"

Wa alaikumus salam, Malam. A halin da kake ciki Loop ce za ta fi yi maka amfani, amma da sharaɗin kada ka ɗora mata aikin tashinka salla, domin wannan aiki ne da ita da TickTick duka ba a gina su dominsa ba. Tunatarwa daban, lissafin abin da aka yi daban, kuma yawancin masu ajiye waɗannan manhajoji bayan ɗan lokaci a nan suke samun matsala, wato sun nemi abu ɗaya ya yi musu aiki biyu.

Dalilin shi ne, manhajojin bibiyar ɗabi'a da agogo suke aiki, ita kuwa salla da rana take tafiya. Idan ka ce wa Loop ko TickTick ta tunatar da kai Magariba da ƙarfe shida da rabi, haka za ta riƙa yi daga Janairu har Disamba. A Kano kuwa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a watan Nuwamba, sannan ta kai kusan ƙarfe bakwai a watan Yuli, tazarar da ta kusa cika awa guda. Ke nan tunatarwar da ta yi daidai a wata kaka za ta zo bayan an idar da salla a lokacin sanyi, ta kuma zo tun rana ba ta faɗi ba da damina. Manhajar kiran salla irin wadda kake da ita ba ta da wannan matsala, saboda tana lissafa lokacin kowace rana daga wurin da kake da kuma matsayin rana a sama.

Sai dai ita ma tana buƙatar saiti kafin a dogara da ita. Abu na farko shi ne hanyar lissafi. Tsarin Muslim World League yana ɗaukar alfijir a lokacin da rana take digiri 18 ƙarƙashin sararin samaniya, tsarin Masar kuma yana ɗaukar digiri 19.5, kuma wannan bambanci na digiri ɗaya da rabi yana kawo tazarar minti shida zuwa bakwai a Asuba a yankinmu. Abu na biyu shi ne La'asar: idan an bar ta a kan Hanafi, za ta riƙa kira ne sai inuwar abu ta ninka tsawonsa biyu, alhali a mazhabar Malikiyya lokacin yana shiga ne idan inuwar ta kai tsawon abin sau ɗaya bayan inuwar zawali. Alamar wannan kuskure a bayyane take, za ka ga an fito daga masallaci tuni amma wayar ba ta ce komai ba. Abu na uku, wanda ya fi shafar mai son jam'i, shi ne manhajar tana sanar da shigar lokaci ne kawai. Rana tana gushewa a Kano tsakanin sha biyu da minti goma da sha biyu da minti arba'in, gwargwadon wata, amma masallatan unguwanni da dama ba sa tsayar da Azahar sai ƙarfe biyu ko kusa da haka. Don haka ga Azahar da La'asar, inda masallacinku yake da tsayayyen lokaci, ƙararrawar agogon waya ta fi kowace manhaja dacewa, ga Asuba da Magariba da Isha'i kuma ka bar wa manhajar kiran salla.

Idan an cire wannan nauyi, abin da ya rage shi ne lissafi, kuma a nan ne bambancin manhajojin biyu yake fitowa. TickTick asalinta manhajar tsara ayyuka ce, mai jerin abubuwan yi da ranakun cika alkawari, sai aka ƙara mata sashen ɗabi'u. Tana ajiye bayananka a kan asusu, ta yadda za ka gan su a waya da kwamfuta, kuma tana aiki a kan Android da iPhone. Loop kuwa ba ta san komai ba sai ɗabi'u. Kyauta ce gaba ɗaya, ba talla a cikinta, ba ta neman ka buɗe asusu, ba ta buƙatar data bayan an sauke ta, amma a kan Android kaɗai take. Tsarin kyauta na TickTick yana tsayawa ne a ɗabi'u biyar, kai kuma abin da kake son bibiya bakwai ne, salloli biyar da motsa jiki da karatu. Da ka gama shigar da Isha'i gurbi ya ƙare, sai dai ka biya kuɗin rajista ko ka dunƙule sallolin wuri ɗaya.

Dunƙulewar tana yiwuwa a dukansu biyu, ta hanyar yin ɗabi'a ɗaya mai suna Salla da adadin biyar a yini, amma ni ban ba ka shawarar haka ba. Idan a ƙarshen wata ka ga kana samun huɗu cikin biyar, wannan lamba ba ta gaya maka wacce ce take kuɓucewa ba. Idan kuwa kowace salla tana da layinta, kallo ɗaya zai nuna maka cewa layin Asuba ne yake da giɓi, kuma giɓin yana yawan faɗowa ne a washegarin daren da ka yi hira har tsakar dare, ko kuma La'asar ce take tafiya a ranakun kasuwa. Wannan shi ne ainihin abin da ake nema daga irin wannan lissafi, a gano inda ɓarakar take don a ɗinke ta. Ka kuma rubuta sunan ɗabi'ar yadda ba za ka yi wa kanka sassauci ba, misali "Asuba a jam'i", domin sallar farilla ba abar zaɓi ba ce, abin da kake aunawa shi ne samun sahu.

Bambanci na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina, shi ne yadda Loop take ɗaukar ranar da aka yi fashi. Manhajoji da yawa suna fifita jerin kwanaki marasa yankewa, wanda yake komawa sifili da zarar an tsallake rana ɗaya, kuma mutumin da ya ga kwana arba'in sun rushe saboda zazzaɓin yini guda yakan ji kamar duk wahalarsa ta tashi a banza. Loop tana nuna jerin, amma babban ma'auninta maki ne na ƙarfin ɗabi'a, wanda yake ba kwanakin baya-bayan nan nauyi fiye da tsofaffi. Ɗabi'ar kullum da aka kiyaye ba fashi tana kai kashi 80 cikin ɗari bayan wata ɗaya, kashi 96 bayan wata biyu, kashi 99 bayan wata uku. Idan kana kan 80 ka rasa rana guda, makin zai sauka ne zuwa wajen 76, kuma kwanaki kaɗan na komawa kan hanya za su mayar da shi. Akwai kuma zaɓin Enable skip days a cikin Settings, wanda yake ba ka damar yi wa rana alamar uzuri ba tare da makin ya motsa ba. Matafiyi da mara lafiya za su amfana da shi, haka nan 'yan'uwa mata a kwanakin da shari'a ta ɗauke musu salla, domin bai dace lissafi ya rubuta wa mutum gazawa a inda ba a neme shi da komai ba.

Ga yadda zan tsara maka naka. Salloli biyar ka yi su a nau'in Yes or No, kullum, ba tare da tunatarwa ba. Motsa jiki shi ma Yes or No, amma a wurin yawan maimaitawa ka zaɓi sau uku a mako, ba tare da ƙulla shi da wasu ranaku ba, ta yadda idan ruwan sama ya hana ka fita Litinin, Talata za ta cike gurbin. Ka yanke tun farko me ake nufi da an yi, misali tafiyar sauri ta minti talatin, kuma ka jingina ta da dawowa daga masallacin Asuba, tunda a lokacin ka riga ka tashi, takalmi yana ƙafa, zafi kuma bai taso ba. Karatu kuwa ka yi shi a nau'in Measurable, ka auna shi da sumuni maimakon shafi, saboda adadin shafuka yana bambanta tsakanin bugu da bugu, amma izu sittin ne ko'ina, kowane izu kuma sumuni takwas ne, jimla 480. Wanda ya ɗaura wa kansa sumuni huɗu a yini zai sauke cikin kwana 120, mai takwas kuma cikin kwana 60. Ka fara da huɗun, ka sa wa karatun tunatarwa guda bayan Isha'i, domin Loop tunatarwa ɗaya take ba kowace ɗabi'a, kuma a nan TickTick ta fi ta, tunda tana karɓar lokuta fiye da ɗaya. Idan kana karatu har bayan sha biyun dare, ka kunna Extend day a few hours past midnight, wanda yake jinkirta shigar sabuwar rana zuwa ƙarfe ukun dare, don kada karatun daren Laraba ya faɗa lissafin Alhamis.

Saura batun wayarka, kuma ya shafi manhajojin uku baki ɗaya. Wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da tsarin tattalin batir da yake kashe manhajojin da ba a buɗe suke ba, sai tunatarwa ta daina zuwa, ko ta zo a makare a daidai lokacin da ka buɗe manhajar da kanka. Wannan makarar ita ce shaidar cewa laifin na wayar ne. Ka shiga bayanan kowace manhaja a Settings ka cire mata takunkumin batir, ka ba ta izinin tashi da kanta a sashen Auto-start, ka tabbatar an buɗe mata Notifications, wanda tun daga Android 13 sai an nemi izininsa, sannan ka duba Alarms & reminders idan wayarka tana da shi. Gwajin minti biyar da waya a hannu ba ya nuna komai. Ka saita tunatarwa ta Asuba, ka kulle wayar ta kwana ba a jikin caji ba, ka ga ko za ta yi ƙara a kan lokaci.

Inda Loop take da rauni na gaske shi ne ajiya. Tunda bayananka a cikin wayar suke, idan ta ɓata ko aka yi mata filashin, tarihin watanni zai iya tafiya da ita. Maganinsa shi ne ka riƙa danna Export full backup a ƙarshen kowane wata, ka tura fayil ɗin zuwa imel ɗinka, a sabuwar waya kuma ka dawo da shi ta Import data. Wanda ya san ba zai iya kiyaye wannan ba, ko yake aiki tsakanin waya da kwamfuta, ko yake riƙe da iPhone, ko kuma yake son ayyukan ofis da ɗabi'unsa su zauna a wuri ɗaya, TickTick ce tasa, ya haƙura da gurabe biyar ɗin ta hanyar ware Asuba ita kaɗai, ya haɗa sauran salloli huɗu a layi guda, sai motsa jiki da karatu su ɗauki biyu, gurbi ɗaya ya rage masa.