Sharhi kan garin Tiris: ya biya ni a pH 8, amma ba na pH 7 ba ne

Robar Tiris mai giram 500 da muka saya wa ɗakin gwajinmu ta kusa ƙarewa, don haka ina ganin na san halinsa daidai gwargwado. Sinadari ne da ake haɗa bafa da shi, wato ruwan da ke hana pH sauyawa sosai yayin gwaji. Ta fuskar kaya dai ba ni da ƙorafi. Fari ne tas, yana narkewa nan da nan a tataccen ruwa, bai kuma dunƙule ba ko da damina, muddin an rufe murfin da kyau. Giram 6.06 a lita ɗaya shi ne milimola 50. Idan ya narke za ka ga pH ya haura 10, sai ka riƙa ɗiga HCl kana juyawa har ya sauko inda kake so.

Wannan ɗigawar ita ce take mayar da shi bafa. HCl yana mayar da wani kaso na Tiris zuwa nau'in da ya riƙe H⁺, ya bar sauran a matsayin bes. Idan asid ya shigo, bes ɗin ya kama shi. Idan alkali ne, ɗayan ya saki H⁺ ɗinsa ya kashe shi. Abin da ke ƙayyade pH shi ne yawan wannan a kan wancan:

pH = pKa + log([bes]/[asid])

A digiri 25, pKa na Tiris 8.06 ne. A nan ne nau'ukan biyu suke raba daidai, a nan ne kuma yake da ƙarfi.

Inda na ga iyakarsa shi ne aikin wata ɗaliba kan enzayim mai farfasa mai. Irin wannan enzayim yana sakin asid yayin da yake aiki, ita kuma tana son pH 7.0. Ta ɗauko Tiris saboda shi ne a kan kantar ɗakin gwajin, mita kuma ta nuna mata 7.0 cif kafin a fara. To amma ga lissafin. A pH 7.0, cikin milimola 50 ɗin nan, 4 kacal ne bes, 46 sun riga sun riƙe H⁺. Enzayim ya saki asid milimola 3, bes ya koma 1, ɗayan ya zama 49, pH ya faɗo zuwa wajen 6.4. Da a pH 8.06 ake aikin, 25 da 25 za su koma 22 da 28, pH ya tsaya a 7.96. Bafa ɗaya, asid ɗaya, amma can ya zame da 0.6, nan kuwa da 0.1.

Alamar da muka gani ita ce enzayim ya fara da gudu, sai ya yi sanyi alhali ga mai nan bai ƙare ba. Tsoma mita a ƙarshen gwaji ne ya tona asiri, abin da mutane da yawa ba sa damuwa su yi. Littattafai suna cewa bafa tana aiki daga ɗaya ƙasa da pKa zuwa ɗaya sama da shi, sai ɗalibai su ɗauka ko'ina a ciki daidai ne. A ganina, idan gwajinka yana fitar da asid, nemi wadda pKa ɗinta yake daidai da pH ɗinka ko ƙasa da shi kaɗan, don bes ya fi yawa. Muka koma fosfet, mai pKa wajen 7.2, wanda ya ɗan haura 7.0 amma yana kusa da shi, kuma a wannan lissafin ba zai sauka ƙasa da 6.9 ba sosai. Shi ma da nasa sharaɗin: idan akwai kalsiyam a ruwan, zai haɗu da shi su kwanta a ƙasa kamar laka, a nan sai dai wata bafar mai suna HEPES, in aljihu zai ɗauka.

Abu na biyu shi ne zafi, kuma mu nan Arewa ya fi shafa. pKa na Tiris yana raguwa da kusan 0.028 a duk digiri ɗaya da aka ƙara. Wanda ka daidaita a pH 8.0 a digiri 25 zai koma wajen 7.7 a digiri 37, ya kuma haura zuwa wajen 8.6 a firji mai digiri 4. Ranar Afrilu da aka ɗauke wuta, ɗakin da kansa yana iya kai 37 ɗin. Yanzu ina daidaita pH a zafin da za a yi gwajin, in rubuta zafin a jikin kwalba tare da pH.

Don aikin DNA da sauran abin da ke tsakanin 7.5 da 9, zan sake sayensa ba tare da jinkiri ba, ga shi ya fi HEPES araha nesa ba kusa ba. Sai dai kada a haɗa shi da fomalin ko danginsa, domin suna cin juna.