Sharhina kan manhajar da ke zuba rubutun likita cikin gurabun FHIR

Ni a sashen rekod nake aiki a wani asibitin kuɗi, kuma tun da muka bar fayil na takarda muka koma kwamfuta matsalarmu ɗaya ce, likitoci ba sa cike gurabu. Akwai gurbin hawan jini, akwai na zafin jiki, akwai na cutar da aka gano, amma duk sai su tsallake su je akwatin nan babba na rubutu su zuba komai a ciki kamar yadda suka saba a kati. Ban ga laifinsu ba gaskiya, layi ya kai bakin ƙofa wa zai tsaya yana latse-latse. To shi ne aka kawo mana wata manhaja da aka ce za ta karanta rubutun ta rarraba shi da kanta zuwa gurabun FHIR. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, abin da na gani kawai zan faɗa bayan mun ɗan jima muna aiki da ita.

Ga wanda bai sani ba, FHIR tsari ne na ƙungiyar HL7 na yadda ake ajiye bayanan lafiya da musayarsu, mu fitowarsa ta huɗu, wato R4, muke kai. Kowane irin bayani da gidansa. Awo yana shiga Observation, cuta tana shiga Condition, maganin da aka rubuta yana shiga MedicationRequest, abin da jikin mutum ba ya karɓa kuma AllergyIntolerance. Aikin manhajar ke nan, ta ɗauki jimla ta san gidan da za ta kai kowane yanki. Bari in kawo irin rubutun da muke gani kullum, na haɗa shi ne da kaina ba na wani majinyaci ba ne:

```
c/o fever x 3/7, no cough. Mother hypertensive.
BP 150/90, T 38.4. ?Malaria r/o typhoid. NKDA.
Tabs PCM 1g tds x 3/7
```

Duk wata nas a Najeriya ta karanta wannan ta gane nan take. Zazzaɓi na kwana uku, ba tari, mahaifiyarsa na da hawan jini, ana zargin maleriya ana kuma so a tabbatar ba taifot ba ce, ba a san wani magani da jikinsa ke ƙi ba, a sha farasitamol giram ɗaya sau uku a rana har kwana uku.

A wajen lambobi kam manhajar ta burge ni, ba ƙarya. Ta ɗauki 150/90 ba ta ajiye shi a dunƙule ba, ta yi Observation ɗaya mai lamba 85354-9 ta LOINC, wato kundin lambobin awo da gwaji, sannan ta raba shi gida biyu a ciki, na sama 8480-6 ta sa 150, na ƙasa 8462-4 ta sa 90, ma'aunin kuma mm[Hg] yadda UCUM, tsarin rubuta ma'aunai, ke rubuta shi. Zafin jiki ma haka, 8310-5 da Cel. Amfanin wannan shi ne yanzu in an ce mu fito da duk wanda jininsa na sama ya haura 140 a watan nan, tambaya ɗaya za a yi wa sabar ta kawo su, da kuwa sai mun zauna muna buɗe rubutu ɗaya bayan ɗaya har ido ya yi ja. Magani ma ta yi ƙoƙari bayan an koya mata cewa PCM farasitamol ne, ta mai da tds haka:

```json
"timing": { "repeat": {
  "frequency": 3, "period": 1, "periodUnit": "d",
  "boundsDuration": { "value": 3, "unit": "d", "system": "http://unitsofmeasure.org", "code": "d" } } }
```

Inda gizo ke saƙar shi ne layin ?Malaria r/o typhoid, kuma a nan nake so mai niyyar saye ya buɗe ido sosai. Alamar tambayar nan da likita ya sa ba ado ba ce, cewa yake ina zargi ban tabbatar ba. r/o kuma cewa yake a bincika a cire wannan daga lissafi. Manhajar yadda aka kawo ta sai ta ga sunan cuta kawai ta yi tsalle, ta buɗe Condition biyu, maleriya da taifot, duk ta sa musu confirmed. Wato mutumin da ko jini ba a ɗiba ba ya tashi da cuta biyu tabbatattu a rekod ɗinsa. Abin haushin shi ne FHIR ɗin kansa ya tanadi wurin wannan, akwai verificationStatus mai zaɓi shida, unconfirmed, provisional, differential, confirmed, refuted da entered-in-error. Maleriyar provisional ya kamata ta samu, taifot ɗin kuma differential, in sakamakon gwaji ya dawo babu sai a mai da ita refuted. Ga yadda ya kamata ta fito:

```json
"verificationStatus": { "coding": [{ "system": "http://terminology.hl7.org/CodeSystem/condition-ver-status", "code": "provisional" }] },
"code": { "coding": [{ "system": "http://snomed.info/sct",
  "code": "61462000" }], "text": "?Malaria" }
```

Ku lura da wannan text ɗin na ƙarshe. Gurbin lamba a FHIR yana ba ka damar ajiye lambar tare da ainihin kalmar da likita ya rubuta, kuma ni a ganina duk manhajar da ke zubar da kalmar asali ta bar lamba tsura bai kamata ta shigo asibiti ba. Tamu da farko ba ta cike shi, sai da muka matsa aka kunna.

Haka ta yi da Mother hypertensive. Ta ga kalmar hawan jini, ta ga 150/90 a ƙasa, sai ta liƙa wa majinyacin cutar a matsayin tasa, alhali maganar uwarsa ake, gidan wannan bayani FamilyMemberHistory ne. Kuma awo ɗaya a jikin mai zazzaɓi ba ya mai da mutum mai hawan jini, likita ne zai yanke wannan bayan an sake aunawa. No cough ta kama shi daidai, ba ta rubuta masa tari ba, amma in kore maganar ya yi nisa da kalmar, misali likita ya jero abubuwa huɗu bayan nil ɗaya, to na farko da na biyu take cirewa na ƙarshen su shige a matsayin akwai.

NKDA, wato ba a san wani magani da jikinsa ke ƙi ba, shi ma da nasa labarin. Manhajar ta gane cewa babu abin da za ta rubuta sai ta bar gurbin fanko. To gurbi fanko a rekod ma'anarsa ba a tambaya ba, ko an tambaya ba a rubuta ba, ba wai babu ba. Likita ya tambaya an ce masa babu, wannan bayani ne mai zaman kansa, kuma SNOMED CT, kundin lambobin kalmomin likitanci, na da lambarsa, 409137002, sai a buɗe AllergyIntolerance a sa ta. Mai ba da magani a famasi in ya ga fanko dole ya sake tambaya, in ya ga wannan lambar ya san an riga an yi.

Sai 3/7, wanda shi ya fi ba ni dariya kafin ya daina ba ni. A rubutun asibitocinmu 3/7 kwana uku ne, 2/52 mako biyu, 6/12 wata shida. A layin magani ta gane saboda tds na kusa, amma a layin zazzaɓi sai ta ɗauke shi kwanan wata, ta cike onsetDateTime da 3 ga Yuli. Yadda ake gane wannan ciwon ma da sauƙi, ka jera ranakun fara ciwo na majinyatanka, in ka ga jama'a sun taru a makon farko na Yuli da farkon Disamba alhali a Maris suka zo asibiti, to shi ne. 2/52 ba ya shiga wannan tarkon tun da babu wata na 52, sai dai ta watsar da shi gaba ɗaya. Gyaran da aka yi mana shi ne ta cire kwana uku daga ranar zuwan majinyaci, in kuma ba ta da tabbas ta zuba shi yadda yake a onsetString.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne duk kurakuran nan ba wanda na'urar tantance bayanan FHIR ta kama. Mai kawo manhajar ya nuna mana a sikirin cewa komai ya wuce ba ja ko ɗaya, kuma gaskiya ya faɗa, don ita tantancewar siffa take dubawa, ko gurbin dole ya cika, ko lambar na cikin jerin da aka yarda da shi. Taifot mai confirmed daidai take a siffa, ƙarya ce kawai a jikin mutum. Ni yadda nake kamo su, nakan nemi wannan:

```
GET /Condition?verification-status=confirmed&recorded-date=ge2024-01-01
```

sai in ɗebi wasu a ciki ba zaɓe in ajiye su gefe da rubutun asali in karanta da ido, musamman cututtukan da sai da gwaji ake tabbatarwa. In na ga cuta tabbatacciya amma ba sakamakon lab ko ɗaya a bayanta na san akwai magana. Wannan ba zai yiwu ba sai in rubutun asali na nan a DocumentReference kuma kowane gurbi na nuna inda aka ciro shi, a Observation ta derivedFrom, sauran kuma ta Provenance. Nan manhajar ta kyauta, kana latsa gurbi take haska maka jimlar da ta fito daga ciki.

Yanzu tsarin da muke kai, awo da nauyi da zafin jiki suna shiga kai tsaye, amma cuta da magani da abin da jiki ke ƙi sai sun tsaya a matsayin shawara likita ya latsa amincewa kafin su zauna. Wasu likitocin sun yi ƙorafi wai an ce za a rage musu aiki ga shi an ƙara musu latsawa, kuma akwai masu latsa amincewa ba su karanta ba, wannan kam ba manhajar da za ta gyara shi. Tallafin kamfanin ba laifi, suna amsawa, amma jerin gajerun kalmominmu mu muka zauna muka rubuta musu shi, irin su MP na ƙwayar maleriya da RVD na cutar HIV da sauransu, don da alama da rubutun wata ƙasa aka gina ta. In likita ya sa Hausa a tsakiya kuwa, kamar ya rubuta jiri ko ciwon mara yadda majinyaci ya faɗa, tsallakewa take kamar ba ta gani ba.

In tauraro biyar ne zan ba ta uku. Wanda ke son ta don awo da rahoton wata zai ji daɗinta. Wanda ke son ta cike masa jerin cututtuka ba mai dubawa, ina ba shi shawara kafin ya biya ko sisi ya ɗebo rubutun likitocinsa na gaske, a cire sunaye, a zuba mata a gabansa, ya tabbatar akwai masu alamar tambaya da r/o da nil da 3/7 a ciki, kar ya yarda da misalan da mai tallan ya zo da su a kwamfutarsa.