Sharhi: yadda taken babi da maganar aro suke tsegunta labari a Watership Down

Watership Down littafi ne na Richard Adams da ya fara fitowa a Landan a 1972, labarin wasu zomaye da suka gudu daga gidansu na gado a Sandleford suka shiga neman sabon mazauni a karkarar kudancin Ingila. Yana da babi 50 da ɗan rufewa, an kasa su kashi huɗu. Na karanta bugun takarda na Turanci, kuma abin da nake son aunawa a nan ba labarin kansa ba ne. Abubuwa biyu ne da ke saman kowane babi: take, sai kuma 'yar maganar da marubucin ya aro daga wani littafi ko waƙa ko bakin wani sananne ya ɗora a ƙarƙashin taken. Masu karatu da yawa tsallake su suke yi don su kai ga zomayen, kuma a ganina asara suke yi babba.

Abin da na lura da shi shi ne an raba musu aiki. Take yakan faɗi abin da ido zai gani a babin, wato allo, ko kogi, ko baƙo, ko waya. Maganar aro kuwa ita ke faɗin nauyin abin da inda zai dosa. Wanda ya saba da Magana Jari Ce ya san irin wannan, domin in ka ga labari an sa masa "Munafuncin Dodo Yakan Ci Mai Shi" ka riga ka san wanda zai kwana ciki, saura ka ga ta yaya. Bambancin kawai shi ne Adams ya raba wannan aiki gida biyu, kuma wani lokaci da gangan yake sa su saɓa wa juna.

Babi na 1 ya isa misali. Takensa allon sanarwa ne kawai, abin da ba ya tayar da hankalin kowa. A ƙarƙashinsa kuma sai ga layuka huɗu daga wasan Agamemnon na Aeschylus, inda Cassandra ke kururuwa cewa gidan yana warin mutuwa da jini, mutanen gari suna ba ta amsa cewa ai ƙaurin layyar da aka yi ne. Cassandra a tatsuniyar Girkawa mace ce da aka ba ta ganin abin da zai zo, aka kuma ɗora mata cewa ba wanda zai gaskata ta. To a cikin babin ƙaramin zomo Fiver ya tsaya kusa da allon ya hau rawar jiki, yana cewa yana ganin filin ya cika da jini, ɗan'uwansa Hazel, wanda zai jagoranci tafiyar, yana ce masa hasken faɗuwar rana ne kawai. Ka ga an maimaita musayar nan ta sama, da bakin zomaye. A ƙarshen babin aka nuna mana rubutun allon, wanda zomo ba ya iya karantawa: fili ne mai eka shida da za a gina gidaje a kansa.

Ishara biyu ke cikin layukan nan, kuma ba lokaci ɗaya suke cika ba. Ta farko, cewa ba za a yarda da mai gargaɗin ba, ta cika nan take a babi na 2, da shugaban zomayen ya saurari Fiver ya sallame shi. Ta biyu, cewa jinin gaskiya ne, sai a babi na 21 ake biyan ta, lokacin da Holly, wani zomon Sandleford da ya tsira da kyar, ya ba da labarin yadda mutane suka toshe ramukan suka tura iskar guba a ciki. Babi ashirin ke tsakani. Duk wannan tafiyar mai karatun da ya gane Cassandra bai taɓa shakkar Fiver ba, saboda haka fargabarsa ba ta "shin gaskiya ne?" ba ce, ta "yaushe, kuma su wa za su rage?" ce. Wannan shi ne amfanin ishara mai dogon zango, kuma a nan an yi ta da kyau ƙwarai.

Akwai kuma ta gajeren zango. Babi na 8 ƙetare kogi ne, maganar aron kuwa daga Ayyukan Manzanni, sura ta 27, inda jirgin ruwa ya farfashe, hafsan soja ya umarci masu iya iyo su fara faɗawa ruwa, sauran su bi a kan katakai da ɓaraguzan jirgi, kowa kuma ya kai gaci lafiya. Abin da ya faru ke nan a bakin kogin Enborne: masu ƙarfi suka yi iyo, Fiver da Pipkin da suka galabaita aka ɗora su a kan wani katako da Blackberry ya gano yana iya yawo a kan ruwa, Bigwig ya tura su. Nan kam an faɗa maka komai tun kafin ka fara, har da cewa ba wanda zai nutse. Ban ga laifin haka ba, domin abin kallo a babin shi ne yadda dabbar da ba ta san jirgi ba take laluben dabarar, sauran suna kallonta ba su gane ba. Kuma katakon nan ajiya ne, don dabararsa ce ta dawo a matsayin kwalekwalen da suka tsere da shi a babi na 38.

Inda dabarar ta fi burge ni shi ne babi na 13 zuwa na 17, wurin da take da maganar aro suka juya wa juna baya. Zomayen sun gaji, ga ruwan sama, sai wani baƙo mai ƙiba da sheƙi, Cowslip, ya gayyace su gidansu. Taken babi na 13 karɓar baƙi ne, kalma mai daɗin ji. A ƙarƙashinta kuma baitocin Tennyson ne kan matuƙan jirgin Odysseus da suka sauka wata ƙasa inda kullum kamar la'asar ce, iska ta yi nauyi kamar numfashin mai mafarkin gajiya. Wanda ya san waƙar ya san cewa waɗanda suka ci 'ya'yan itacen ƙasar sun rasa niyyar komawa gida. Ke nan take na cewa ku shigo, baitin na cewa wanda ya shiga ba ya fita da hankalinsa.

Da wannan gargaɗi a hannu, ƙananan abubuwan da ke cikin babukan sai su fara magana. Ramuka da yawa amma zomaye kaɗan. Karas da latas da wani manomi yake zubarwa a fili. Duk tambayar da ta fara da "ina" sai a kautar da zance. Ba a bayyana dalili ba sai babi na 17, wanda takensa waya mai ƙyalli, inda tarko ya shaƙe Bigwig, Blackberry ya gane cewa sai an tono turken da wayar ke ɗaure da shi, ƙanana biyun, Pipkin da Fiver, suka shiga ramin suka gwaguye shi. Manomin kiwon su yake yi yana ɗiba kaɗan-kaɗan, su kuma sun zaɓi ƙoshi da shiru. A wannan babi take ya daina ɓoye-ɓoye ya ambaci abin da sunansa, kuma daidai lokacin ne, don mai karatu ya riga ya ƙagu ya ji an faɗa.

Take kaɗai ma yana iya ɗaukar nauyin. Babi na 36 da 37 da 38 jere suke da hadari: yana tasowa, yana haɗuwa, ya ɓarke. Bigwig yana cikin Efrafa, wani gidan zomaye mai tsananin tsaro, a matsayin ɗan leƙen asiri, ƙarƙashin idon shugaban gidan, Janar Woundwort, yana shirin fitar da mata. Taken uku sun zama ma'auni, kana ganin na farko ka san ba yau ba ne. Maganar aron babi na 36, wata waƙar barkwanci ta gidajen wasan Ingila, ta ƙara tabbatarwa: muna shirin arcewa sai wane ya iso, ba mu yi komai ba. Haka kuwa aka yi, Woundwort ya tare Bigwig a daidai lokacin, shirin daren ya rushe. A babi na 38 sai ga layin Shakespeare daga Julius Caesar cewa guguwa ta tashi, komai yana kan caca, har da ambaton jirgi ya yi iyo. Hadarin sama da na labari suka sauka tare.

Sai inda abin ya yi rauni, kuma ba ƙaramin rauni ba ne. Taken da ya yi daidai a saman babinsa yana iya zama ɓarna in an jera shi a shafin ƙumshiya. A ƙarshen babi na 45 kyanwar gona ta danne Hazel, marubucin ya bar shi a haka ya koma wajen faɗan Bigwig har babi biyu, don a zauna cikin zullumi. Amma duk wanda ya leƙa ƙumshiya ya ga babi na 49 yana cewa Hazel ya dawo gida. Zullumin ya mutu tun kafin a haife shi. Haka ma harbin da aka yi masa a babi na 25 ba ya girgiza wanda ya riga ya ga sunansa a kan kashi na huɗu. Taken babi na 48 kuwa da Latin yake, yana nuni ga al'adar wasan Girkawa ta sauko da abin bauta da ƙugiya ya warware rikici, an kuma mai da shi mace. Yarinyar gonar, Lucy, ita ta ƙwace Hazel daga kyanwa, aka mai da shi kusa da gida a motar likita. Marubucin ya amsa da kansa cewa ceton daga waje ya zo. Na yaba da gaskiyarsa, amma amsa laifi bai gyara saƙar ba.

Rauni na biyu ya fi shafar mai karatu irinmu. Isharar tana aiki ne gwargwadon sanin tushen. Wasu maganganun da Faransanci ko Italiyanci suke, ba fassara, kamar zancen Napoleon kan jarumtar tsakar dare a babi na 7. Wanda bai san Cassandra ba zai ji warin jini a babi na 1, amma ba zai san an yi masa alkawarin cewa mai gargaɗin yana da gaskiya ba. Rabin saƙon ya wuce shi.

Ga yadda na ga ya fi biya. Kada a buɗe ƙumshiya a karatun farko. A karanta take da maganar aro tare, a tambayi kai ko sun yarda da juna, domin in sun saɓa, maganar aron ce mai gaskiya. In sunan wanda aka aro daga gare shi baƙo ne, a nemi abu ɗaya tak a kansa, wato wa ke magana kuma me ya same shi, ba sai an karanta dukan littafin ba. In an gama babin a koma saman shafin a sake duba layukan, abin da bai cika ba a riƙe shi, yana nan tafe a gaba. Ga marubucin da ke son gwada wannan a dogon labarin Hausa, babi na 13 ne abin nazari, babi na 49 kuma abin gudu, musamman in labarin kashi-kashi ake sakinsa kuma jerin taken yana gaban mai karatu tun ranar farko.