Naira 470,000 na tura da hannuna: ku kiyayi masu cewa "ki kama ranarki"

Naira 470,000. Na rubuta ne don in gani da idona, don har yau zuciyata ta ƙi yarda. Naira 350,000 a karon farko, 120,000 a karo na biyu, duka da wannan ɗan yatsan nawa na tura su. Ba wanda ya saka min wuƙa a wuya, ba wanda ya sace min waya, ni na buɗe manhajar banki na danna, har ina cewa "Allah ya sa albarka, Hajiya."

Kafin wani ya zo yana min wa'azin wayo, ku sani ni ma 'yar kasuwa ce. Shekara shida ina sayar da atamfa da leshi ta waya, ni ma ina karɓar kafin alƙalami kafin in yanko kaya a Kwari. A gidanmu ni ce mai cewa kada a tura wa kowa lambar sirri, ni ake kira idan saƙon "ka ci kyauta" ya shigo wayar Umma. Shi ya sa ma aka damƙa min kuɗin abincin walimar ƙanwata. Wai ni ce mai ido a buɗe.

Walimar ranar Asabar ce, cikin Sha'aban, kun san yadda ake rububin biki kafin azumi. Mutum 200 muka ƙiyasta. Masu girki biyu da na sani duk sun ce min ranar a cike take. Sai na shiga Instagram na rubuta sunan wata mai abincin biki da na taɓa cin dambun shinkafarta a kamun wata ƙawata. Shafi ya fito, sunan nan dai, tambarin nan dai, hotunan kuloli a jere, waina da sinasir, soyayyar shinkafa da kaza, har bidiyon yara masu rabo sanye da riga iri ɗaya. Mabiya sun haura dubu 10. To ku faɗa min, wa zai tsaya ƙirga ɗigo a cikin suna? Ashe shafi biyu ne. Na gaskiyar sunansa a haɗe yake, na ɓarayin sun saka ɗigo ɗaya a tsakiya. Ɗigo ɗaya, 470,000.

Muryar ce take hana ni barci. Ba rubutu kawai ta yi min ba, saƙon murya ta riƙa turowa a WhatsApp, muryar babbar mace mai natsuwa, Hausar Kano tsaf. "Anti, Allah ya sanya alheri, Allah ya kai mu lokacin." Ta tambaye ni ko dangin ango za su zo da yawa, ta ce in ware musu kula biyu daban kada a ji kunya. Ta ce kada mu yi kunun aya idan rabon zai kai la'asar, yana saurin lalacewa in ba ƙanƙara, gara zoɓo. Wallahi wannan maganar ta kunun aya ce ta kashe ni. Na ce a raina, wannan ta san aikinta. Wanda bai taɓa tsayawa gaban murhu ba ina zai san wannan? Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin tun da abin ya faru, ina neman inda muryar ta yi rawa, ban samu ba.

Ta yi min lissafi: kowane mazubi Naira 3,500, shinkafa da yankan kaza da haɗin kabeji da ruwan roba, mutum 200 ya kama 700,000. Rabi yanzu, rabi ranar da za a kawo. Wannan ba baƙon abu ba ne, kowace mai girki tana karɓar wani abu kafin ta ɗora tukunya, da me za ta yi cefane? Waɗanda na fara tambaya sun ce min 4,000, don haka ba wata araha ce mai tayar da hankali ba da za a ce kwaɗayi ya ja ni. Ragin 500 ne kawai, irin wanda za ka ce mutunci aka yi maka. Yanzu na gane da gangan suke yanka farashin daidai inda ba za ka yi zargi ba.

Na ma manta ban faɗa ba, tun kafin maganar kuɗi na ce ina so in zo in ɗanɗana. Na ce fa! Ina da shaidar na ce. Ta amsa da cewa tana Kaduna wajen wani aiki, sai Litinin za ta dawo, kuma akwai wata Hajiya da take son Asabar ɗin nan, ta ce za ta turo kuɗi da yamma. "Ni dai na fi son ki, Anti, amma wanda ya fara biya shi ke da rana. Ki kama ranarki, ɗanɗano sai ki zo Litinin ki ci har ki yi guzuri." Muka yi dariya. Ni da ɓarauniya, muna dariya.

Ga inda nake cizon yatsa. Da na saka lambar asusun, lamba goma ɗin nan, sunan da ya fito na namiji ne, ba sunan kasuwancin ba, ba nata ba. Na gani. Na tsaya. Na rubuta mata, "Hajiya, sunan wani ne ya fito." Ta ce ƙaninta ne mai yi mata cefane a Singa, asusunta ya kai iyakar abin da zai ɗauka a rana. Kuma ni kaina na sha ba mutane asusun maigidana idan nawa ya yi cikas, sai abin bai zame min sabo ba. Daƙiƙa nawa na yi ina kallon sunan nan? Ba su fi goma ba. Na danna. 350,000.

Ta turo rasit mai tambari, da kwanan wata, da "an karɓa da godiya". Wannan rasit ɗin ne na kai wa Umma na ce an gama da maganar abinci, ta kwantar da hankalinta. Takardar da kowane yaro zai haɗa a waya cikin minti biyar.

Litinin ba ta yiwu ba, wai mota ta lalace a hanyar Zariya. A'a, ina jin ranar Lahadi ce ma ta kira a kan kaji, kafin maganar motar. Eh, Lahadi da daddare. Ta ce kaji na tashi saboda azumi ya matso, mai gonar da take saya ya ce in ba a biya gobe ba zai ƙara kuɗi, in na ƙara 120,000 za ta kama su yanzu a cire daga cikon. Wannan karon ma wani asusun ta bayar, na wani bankin waya, da wani sunan kuma daban. Asusu biyu, suna biyu, kuma ban farka ba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wanda ya riga ya ba da 350,000 ba ya son jin cewa ya yi kuskure, sai ya ƙara don ya tabbatar wa kansa. Kuɗin adashina ne wannan 120,000 ɗin. Na farkon kuwa na Baba ne da gudummawar yayyenmu.

Ranar Laraba na ɗauki adaidaita na nufi adireshin da ke kan rasit, wajen titin gidan zu. Ginin yana nan, shagunan suna nan, mai ɗinki, mai kayan waya, mai POS. Babu mai abinci, ba a taɓa yi ba. Ina tsaye a bakin ginin na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na sake kira, a kashe. Na buɗe WhatsApp, hotonta ya ɓace, saƙona alama ɗaya. Na shiga Instagram, shafin babu, an toshe ni. Mai POS ɗin ya dube ni ya ce, "Hajiya, lafiya? Zauna mana." Sai a lokacin na ji ƙafafuna ba sa ɗaukata.

Ƙawata ce ta ba ni lambar mai abincin ta gaskiya, abin da ya kamata in nema tun ranar farko, kira ɗaya ne. Baiwar Allah ta ce ba ni ce ta farko da ta kira ta da kuka ba, ta sha sanarwa a shafinta cewa ana amfani da hotunanta. Ta ce ita ma tana karɓar kafin alƙalami, amma a asusun da ke ɗauke da sunan kasuwancinta, kuma ba ta hana kowa zuwa kicin ɗinta. Ita ta nuna min abin da ban sani ba: a Instagram idan ka danna ɗigo ukun da ke saman shafi akwai About this account, yana nuna watan da aka buɗe shafin da ko an taɓa sauya masa suna. Muka duba na ɓarayin ta wayar ƙanwata, tunda ita ba su toshe ta ba. Sau huɗu aka sauya suna. Hotuna sama da sittin duk an zuba su cikin mako biyu, kuma an rufe wajen sharhi. Mabiyan nan dubu 10 da suka burge ni, saye ake yi.

Banki na je ranar Alhamis da sassafe. Suka karɓi ƙorafi a rubuce, suka nemi Session ID na kowace turawa, doguwar lambar nan mai lamba 30 da ke jikin shaidar tura kuɗi. Ma'aikaciyar ta gaya min gaskiya: tunda ni na tura da kaina, ba za su iya janyo kuɗin haka kawai ba, za su rubuta wa bankin da ya karɓa, kuma ana bukatar rahoton 'yan sanda da umarnin kotu. Ta ce irin waɗannan ba sa barin kuɗi ya kwana, da ya shiga suke rarraba shi ko su cire a POS. Da a ranar na zo, da akwai ɗan fata. Ni kuwa sai bayan kwana tara da turawar farko. Na kai rahoto, ina da takardar, ina jira.

An yi walima. Gwaggo ce ta tara mata, aka aro tukwane, aka sayo buhun shinkafa bashi, aka tafi 'Yankaba da asuba aka kwaso kayan miya, muka kwana a gindin murhu. Dafa-duka aka yi, nama yanka ɗaya. Ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Baba cewa kawai ya yi, "Allah ya mayar da alheri." Na gwammace ya yi faɗa.

Shawara kuwa, ga ta: kada ku tura ko sisi sai kun taka ƙafa kun ga kicin ɗin. Lambar waya ku karɓa daga wanda aka taɓa yi wa aiki, kada ku ɗauka a shafi. Sunan asusu ya saɓa da na kasuwanci, ku tsaya. Aka ce "wata na son ranar", ku bar mata.

Hotunan hirar duk suna nan, da rasit ɗin ƙarya, da saƙonnin muryar guda 14, ban goge ko ɗaya ba. Zan saka su da daddare in na rufe lambobin mutane, don ban sani ba ko masu asusun ma aron sunansu aka yi. Na kunun ayar zan fara sakawa, ku saurara da kunnenku, sannan wanda ya isa ya ce min da shi ne da ya gane.