Rahoton shige da ficen kuɗi na mako: Excel ko manhajar akanta?

"Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi sari a Babbar Kasuwar Katsina. Mutane kusan arba'in nake bi bashi, ni ma dilolin Kano suna bi na. Ina so kowace Litinin in san nawa zai shigo, nawa zai fita. Wani ya ce in sayi manhajar akanta, ita za ta fitar da rahoton da kanta, wani ya ce Excel ya wadatar. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗauki Excel, ko Google Sheets idan da waya kake aiki. Shi nake amfani da shi, kuma dalilina guda ne: yana ba ka damar rubuta ranar da kai ka san kuɗi zai shigo, ita kuwa manhaja ranar da aka rubuta a inbois take karantawa.

Manhaja ba ta san halin mutanenka ba. Idan inbois ya ce Laraba, sai ta zuba kuɗin a Laraba. Tsohon bashin da ranarsa ta wuce kuma, wata manhajar ta kan jibge shi duka a makon da ake ciki kamar gobe za a biya, wata kuma ta bar shi a wajen lissafi ba tare da ta ja hankalinka ba. A ɓangaren fita, bil ɗin da aka shigar mata kaɗai take gani. Kuɗin mota, lodi, dizal da sallamar yaran shago ba su zuwa da takarda, don haka ba sa bayyana sai wani ya zauna ya saka su.

Ga misali da alƙaluma, ka gwada shi da naka. A ce ranar Litinin da safe, abin da ke banki da asusun POS da aljihun tebur ya kama N1,200,000. Mutum huɗu ake bi. Wata makarantar kwana mai zaman kanta N2,400,000, alkawari Laraba, amma ta saba ƙara mako biyu. Mai shago a Mai'adua N900,000, alkawari Juma'a, amma ba ya biya sai ya ci kasuwar Lahadi, Litinin ya turo. Mai kanti a Ƙofar Ƙaura N650,000, alkawari Talata, kuma shi ba ya saɓawa. Sai wani tsohon bashi na N1,100,000 da ya wuce ranarsa da kwana 70. A ɓangaren fita, dilan Kasuwar Singa zai karɓi N2,800,000 ranar Alhamis, mota da lodi N180,000 a ranar, dizal da sallamar yara N120,000 ranar Asabar.

Manhajar da ke jibge tsohon bashi a makon da ake ciki za ta haɗa huɗun nan, N5,050,000, ta ɗora a kan N1,200,000, ta cire bil ɗin dila kaɗai. Za ta nuna maka rarar N3,450,000. Mutum ya ga wannan sai ya ƙara odar kaya da zuciya ɗaya.

Lissafin gaskiya kuwa, N650,000 na mai kanti ne kawai zai shigo cikin makon nan. Ƙara cinikin hannu na shago, a ce N700,000. Da abin da ke hannu, N2,550,000 ke nan. Abin fita N3,100,000. Giɓin N550,000 ne a gabanka. Tsakanin rahoto biyun nan akwai miliyan huɗu cif, kuma babu wanda ya yi kuskuren tarawa. Ranaku ne suka bambanta, sai kuma abin da manhajar ba ta gani.

Abin bai tsaya nan ba, domin dila Alhamis yake jira, ba ƙarshen mako ba. Zuwa safiyar Alhamis cinikin kwana uku kaɗai ya shigo, a ce N350,000. Abin da ke hannu N2,200,000, abin da za a fitar a ranar N2,980,000. Giɓin Alhamis N780,000 ne, ya fi na ƙarshen mako girma. Shi ya sa makon farko nake raba shi rana-rana, sauran makonni su tsaya a jimla.

Amfanin ganin haka tun Litinin shi ne kana da kwana uku na magana. Ka kira dila tun yau: "Alhaji, Alhamis zan turo miliyan biyu, dubu ɗari takwas kuma Talata mai zuwa in sha Allahu." Ka san Talatar tana da tushe, don na Mai'adua zai turo N900,000 ranar Litinin. Dila ya fi karɓar wannan magana ranar Litinin fiye da ya ji ta ranar Alhamis mota na tsaye ana lodi. Ko da haka N20,000 kacal za su rage a hannunka bayan biyan Alhamis, don haka a wannan Litinin ɗin ka je wurin ma'ajin makarantar ka nemi ko rabi ne.

Ga yadda ake tsara shi. Buɗe shafi uku: Shiga, Fita, Rahoto. A shafin Shiga kowane inbois da layinsa. Gurbin A sunan abokin ciniki, B lambar inbois, C ragowar kuɗi, D ranar alkawari, E kwanakin jinkirin da ya saba, F ranar sa rai, G Litinin ɗin makon da kuɗin zai faɗo. Ga lissafin F da G, na farko a F2, na biyu a G2:

```
=D2+E2
=F2-WEEKDAY(F2,2)+1
```

Lambar 2 da ke cikin WEEKDAY ita ke sa Litinin ta zama rana ta ɗaya, don haka kowace rana sai ta koma Litinin ɗin makonta. Shafin Fita ma haka, sai dai jinkirinsa sifili ne. Kada ka rubuta wa kanka jinkirin da mai bin ka bai amince da shi ba.

A shafin Rahoto, jera ranakun Litinin shida a layi na ɗaya, daga B1. Kamfanoni kan yi na mako 13, amma ga mai sari shida sun isa. Abin da ya wuce nan hasashe ya fi yawa a cikinsa. Ƙarƙashin kowace Litinin:

```
=SUMIFS(Shiga!$C:$C,Shiga!$G:$G,B$1)
=SUMIFS(Fita!$C:$C,Fita!$G:$G,B$1)
```

Sai layin cinikin hannu, da layin ragowa: abin da aka buɗe da shi, a ƙara shiga, a cire fita. Ragowar wannan mako ita ce buɗewar na gaba. Cinikin hannu kada ka sa na makon da kasuwa ta yi kyau. Duba makonni takwas da suka wuce ka ɗauki mafi ƙanƙanta, sai fa in ana gab da azumi ko salla.

Gurbin E shi ne zuciyar aikin. Ɗauko inbois biyar na ƙarshe na kowane mutum, ka ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar alkawari da ranar da kuɗi ya sauka. Idan ka sami 10, 12, 14, 15 da 40, ɗauki na tsakiya, 14. In ka tara su ka raba biyar za ka sami 18 da ɗoriya, saboda 40 ɗin nan guda ɗaya ya ja lissafin, alhali wataƙila lokacin mutumin yana Umara ne. Sabon abokin ciniki da ba shi da tarihi, ba shi mako biyu har ka san shi. Bashin da ya wuce kwana 60 babu ko sisi, cire shi daga shafin Shiga ka kai shi wani shafi daban. Ka ci gaba da bin sa, amma kada ka tsara biyan kowa a kansa.

Excel ma yana da ramukansa, uku ne suka fi kama mutane. Na farko, layin da ranar sa ransa ta wuce ba a biya ba. Litinin ɗinsa ta fita daga jeren Rahoto, sai kuɗin ya ɓace shiru. Sa wannan a gefe:

```
=SUMIFS(Shiga!C:C,Shiga!G:G,"<"&B1)
```

Duk Litinin ya kamata ya nuna sifili. In ya nuna wani abu, ɗaga waya, ka sami sabuwar rana daga bakin mutumin, ka gyara D, ka mayar da E sifili tunda yanzu ranar daga bakinsa ta fito.

Na biyu, rubutun rana. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka, in ka buga 03/04 da nufin 3 ga Afrilu, za ta karanta 4 ga Maris. In ka buga 25/04 kuma, ba ta ganin sa a matsayin rana ma, sai F ya nuna `#VALUE!`. Alamarsa ita ce ranar ta manne a hagun gurbi, alhali ta gaskiya dama take jingina. Gyara saitin ƙasa kafin ka fara shigar da komai.

Na uku, gurbin C ragowa ce, ba jimlar inbois ba. Wanda ya kawo dubu ɗari uku cikin dubu ɗari tara, a ranar za ka mayar da C dubu ɗari shida. Hukumomi da manyan kamfanoni kuma suna cire harajin riƙewa kafin su biya, don haka ka rubuta abin da ke sauka a asusu. Idan kana karɓar VAT na kashi 7.5, wannan kuɗin ba naka ba ne. Saka shi a shafin Fita, ranar biyansa kafin 21 ga wata mai zuwa. Hayar shago ta shekara ma a saka ta da zarar ta shigo cikin makonni shidan.

Manhaja tana da ranarta, ban hana ba: in inbois ɗinka ya kai ɗaruruwa, ko akawu biyu ko uku suna shigar da kuɗi lokaci ɗaya, ta fi Excel riƙe ragowar kowa. Ko a nan, jerin masu bashi ake fitarwa a CSV, wato fayil ɗin jadawali da Excel ke buɗewa, a liƙa a shafin Shiga, rahoton makon dai a Excel ake yin sa. Mutum arba'in ba su kai a biya kuɗin wata-wata ba.

Kuma ka yi hankali da masu yawo shago-shago da filasha suna cewa biya sau ɗaya, manhaja taka ce har abada. Da yawa kwafin sata ne, ranar da ya rufe bayanan bashinka na ciki, lambar mai sayarwa kuma ba ta shiga. In har wata rana za ka saya, a buɗe asusun da imel ɗinka da lambarka, kuma a fitar da jerin masu bashi a CSV a gabanka kafin ka ba da ko kwabo.

Ranar Asabar da yamma ka ware minti ashirin, ka ɗora abin da ka yi hasashe kusa da abin da bayanin banki ya nuna ya shigo, ba hoton alat da aka turo maka ta WhatsApp ba. Wanda ya saɓa sau biyu a jere, ƙara masa kwanaki a gurbin E kafin Litinin.